An sha maganin gyambon ciki, ciwo ya dawo: ina aka kuskure?

Mai tambaya, Tawa: Salamu alaikum. Ƙanena ya sha omefirazol wata biyu, ciki ya lafa, yana dainawa zafin ya dawo, musamman cikin dare. Yaji ne ko yunwa?

Lokotoro, Yamai: Amin wa alaikumus salam. Omefirazol tsamin tumbi yake ragewa, ba ya kashe ƙwayar Helikobakta filori, wadda takan haddasa gyambon ciki. Ita wannan ƙwaya tana laɓewa ƙarƙashin yauƙin da ke kare bangon tumbi, tana samar da amoniya da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita, shi ya sa take rayuwa inda sauran ƙwayoyi ke mutuwa. In ta zauna a ƙasan tumbi, wurin ya kumbura, abin da ke taka wa tsami birki sai ya yi rauni. Tsami ya yi yawa, ya kwarara bakin ƙaramin hanji, ya ci wurin. Irin wannan gyambon ne ke tada mutum cikin dare, in ya ci abinci ya ji sauƙi. Yaji yana tsokanar ciwon, amma ba shi ya haƙa ramin ba.

Mai farmasi, Tawa: In gwaji ya nuna ƙwayar, haɗin da aka saba shi ne omefirazol miligiram 20, amokisilin giram 1, kilaritiromisin miligiram 500, kowanne safe da dare, kwana 14. Omefirazol ɗin a sha minti 30 kafin abinci. In tsami ya ragu ne sauran biyun ke cin ƙarfin ƙwayar. Abin da muke gani a kanti kuwa, mutum ya sayi na kwana 5 don tsada, ko ɗacin baki da zawo su sa ya ajiye. Ƙwayoyin da suka tsira sukan zama masu taurin kai, sau da yawa kilaritiromisin ba ya sake taɓa su.

Infirmiya, Yamai: Sai a sake gwajin jini bayan an gama, a tabbatar.

Lokotoro: A'a hajiya, jini yakan ci gaba da nuna alamar watanni bayan ƙwayar ta mutu. Gwajin bayan gida ko na numfashi ake yi, sati 4 bayan gama magani, kuma sati 2 ba a sha omefirazol ba, in ba haka ba sakamako ya ce babu alhali tana nan. In tana nan, a koma haɗin bismut, tetirasikilin, metironidazol da omefirazol.

Mai farmasi: In an samu bismut ɗin ke nan. Kuma yana baƙanta bayan gida, kada a tsorata. Amma baƙi mai danƙo kamar kwalta, mai ɗoyi, da jiri, wannan jini ne, asibiti nan take.

Mai tambaya: Ƙanen nawa yana shan dikilofenak na masu talla don ciwon baya. Da alaƙa?

Lokotoro: Malam, da wannan ya kamata ka fara! Shi kaɗai yana haƙa gyambo ko babu ƙwayar. Ya daina yau, ya je a auna shi.