Kamfani ne ya cuce ni ko lissafina ne bai daidai ba?

Ɗan Jega: Jama'a a taimaka min kafin Asabar. Wasa ɗaya ne na Firimiya. Masu gida su ci, od 1.80. A ci ƙwallo uku ko fiye, wato Over 2.5, od 1.90. Na ninka a waya ya ba ni 3.42, amma da na haɗa su a Bet Builder, inda ake haɗa zaɓin wasa ɗaya a tikiti guda, sai na ga 2.70. Dubu biyar zan sa, maimakon 17,100 ta koma 13,500. Ina 3,600 ta shiga? In buga haka, ko in raba su wasa biyu daban?

Mai Albasa Aliero: Kada ka soma. Ni kuɗin albasa na zuba, zaɓi huɗu a wasa ɗaya: masu gida su ci, ɗan gabansu ya ci, ƙwallo uku, bugun kwana shida. Tun kafin hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya ɗaga wa mai tsaron bayansu jan kati, koci ya cire ɗan gaban nawa ya sa mai tsaron baya, aka koma gida aka tsare. Duka huɗun suka mutu lokaci guda. Ina zaune a benci da kofin shayi a hannu, har ya huce ban kurɓa ba. Yayana da muke gonar tare har yau bai gama huce min ba.

Baban Ummi: Ashe shi ya sa albasa ta yi tsada.

Malamin Lissafi: Ɗan Jega, ninkawa tana aiki ne idan abu biyun ba ruwan ɗaya da ɗaya, kamar wasan Landan da na Madrid. Naka kuwa a jingine suke da juna. Bari mu ƙaddara an buga wannan wasan sau 100, misali kawai. Masu gida sun ci 52, an samu ƙwallo uku ko fiye a 50. Da ba su da alaƙa, rabin 52 ɗin ne za su zo da ƙwallo uku, wato 26. To amma duba yadda ake cin wasa: 1-0 da 2-0 ne kaɗai nasarar da ba ta kai ƙwallo uku ba. 2-1, 3-0, 3-1, 3-2 duk naka ne. Ga ƙungiya mai zura ƙwallo, sai ka ga 33 cikin 52 ɗin sun shigo. Idan kamfani ya biya 3.42 a kan abin da ke faruwa sau 33, duk naira 100 da ya karɓa zai fitar da kusan 113. A 2.70 kuwa 89 yake fitarwa, daidai da abin da 3.42 take fitarwa a kan 26. Ba a ɗauke maka 3,600 ba, tikitin ne ya fi saurin ci.

Sarkin Od: Malam ka daina kare su. Duk abin da ka haɗa a wasa ɗaya rage maka suke yi, kullum. Ni a wani kamfanin 2.95 na gani a wannan wasan.

Baban Ummi: Ni 2.55 na gani. Ko wayata ce ta talaka?

Malamin Lissafi: Ba kullum ba ne. Gwada masu gida su ci tare da Under 2.5, wato ƙasa da ƙwallo uku. A ce shi ma 1.90 ne, ninkawa 3.42 ke nan, amma 1-0 da 2-0 kaɗai suka rage, sau 19 cikin 100, don haka ya kamata ka ga wajen 4.70. Inda kake da gaskiya shi ne, 33 ɗin nan kowane kamfani da nasa ƙiyasin, kuma ba ya nuna maka. A zaɓi ɗaya kana iya duba od ɗin ɓangarorin ka gane nawa ya yanka, a haɗin kuwa yankan a ɓoye yake, kuma yana ƙaruwa da kowane zaɓi da ka ƙara. Ko ka raba ko ka haɗa, kusan 11 cikin 100 nasu ne.

Sarkin Od: Kai da ba ka taɓa cin tikiti ba za ka koya mana?

Mai Albasa Aliero: Kai da kake ci, ina babur ɗinka?

Alhaji Argungu: 'Ya'yana, ku duba Suratul Ma'ida aya ta 90. Caca haramun ce, ko an ninka ko an rage. Ɗan Jega, dubu biyar ɗin nan ka kai wa mahaifiyarka.

Ɗan Jega: Na ji Baba, Allah ya ƙara girma. Malam, to idan ɗan wasan da ka zaɓa bai shiga fili ba fa?

Malamin Lissafi: Ya danganta da dokar kamfanin. Wani ya soke tikitin duka ya mayar da kuɗi, wani ya cire zaɓin ya sake lissafin sauran.

Mai Albasa Aliero: In an mayar ma, wa ya ce za su iso hannunka? Yaron da ke buga mana a wayarsa, ko tikiti aka soke sai ya cire ɗari biyar wai kuɗin data.

Baban Ummi: Namu ɗari biyu yake cira, amma sai ka yi kwana uku kana jin babu sabis.

Sarkin Od: Wane ne naku? Ba mai shagon cajin waya na kusa da tasha ba?