Wuyan da aka tashi da shi a riƙe: me za mu kira shi?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina shirya bayanin lafiya da za a karanta a rediyo, sai na ci karo da kalmar likitoci, totikolis. Shi ne mutum ya kwanta lafiya lau, da asuba ya ji wuyansa ya ƙi juyawa gefe ɗaya, ko sallamar salla sai ya juya da kafaɗa gaba ɗaya. Na rubuta "sanƙarewar wuya", amma raina bai kwanta ba. Wa ke da wadda ta fi?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah goge wannan. Da ka ce sanƙarewa a rediyo, sanƙarau mutane za su ji, kuma wannan cuta ce mai kisa. Wasu za su firgita a banza, wasu kuma, wanda shi ya fi ba ni tsoro, za su ɗauka sanƙarau ma laifin matashin kai ne su zauna a gida. Mai sanƙarau yana da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, sau da yawa da amai, haske na damunsa, kuma sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji ne ke gagararsa. Wancan asibiti ne nan take, balle a lokacin zafi. Wanda kake magana a kai jikinsa garau, waiwaye kawai ke masa ciwo, kuma yakan sake cikin 'yan kwanaki, galibi bai wuce mako ba.

Ɗan Damagaram: Mu dai cewa muke wuya ya ƙage. "Ƙagewar wuya" ai ta isa.

Malamin Hausa: Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta murɗaɗɗen wuya. Me zai hana "murɗewar wuya"? Ai jijiya ce ke hawa kan jijiya.

Anti Nas: Malam, asalin kalmar ka faɗa daidai, amma babu jijiyar da ke hawa wata. Ƙasusuwan wuya 7 ne, suna ɗauke da kan da nauyinsa ya kai kilo 5 ko kusa da haka. In kai ya kwana a karkace, naman gefe ɗaya yana miƙe na sa'o'i, ƙananan gaɓoɓin ɗaya gefen kuma a matse, sai naman ya ɗaure don kare wurin. Kuma "murɗe wuya" a kunnena ya yi kama da aikin ɗan kokawa.

Direban Tirela: Anti, to ni fa? Filo biyu nake haɗawa, na sayi katifa sabuwa mai laushi, tun daga nan kusan kullum da ciwon nake tashi. A da kan tabarma da filo biyun nan lafiyata ƙalau.

Anti Nas: Ta gefe kake kwanciya?

Direban Tirela: Ta dama.

Anti Nas: Ga amsarka. Aikin matashi ga mai kwanciyar gefe shi ne cike ramin da ke tsakanin kunne da shimfiɗa. Mu ɗauka ramin naka santimita 14 ne a kan tabarma, inda kafaɗa ba ta nitsewa, filo biyun suka cike shi daidai. A katifa mai laushi kafaɗar ta nitse, a ce santimita 4, ramin ya koma 10, amma filon yana nan yadda yake. Kanka kenan yana kwana a ture zuwa hagu. Cire ɗaya, in ya yi ƙasa ka ninke tawul ka sa a ƙarƙashi. Ka sa uwargida ta tsaya ta dube ka: hanci ya daidaita da tsakiyar ƙirji, kada kai ya ɗaga ko ya rinjaya. Mai rigingine yana buƙatar wanda ya fi wannan ƙasa, don mai tudu yana tura haɓa zuwa ƙirji. Ruf da ciki ya fi duka wahalar da wuya, tunda dole a juya fuska gefe har gari ya waye don a sha iska.

Hajiya Inna: Ku yaran nan. Mu iska muke cewa ta shiga, a gasa da ruwan ɗumi, a shafa man zafi.

Anti Nas: Gashin yana taimakawa, Inna, tare da motsa wuyan a hankali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kama kan mutum a fizge wai a gyara. In kuma ciwon ya sauka hannu da sagewa ko rashin ƙarfi, ko ya biyo bayan faɗuwa, a ga likita.

Mai Fassara: To an fitar da sanƙarewa da murɗewa. Ni "riƙewar wuya" ta fi kwanta mini, tunda haka nake jin mutane na cewa, wuyana ya riƙe. Zan ƙara "ta kwanciya" don a bambanta.

Ɗan Damagaram: Riƙewa ai har ciki yana yi. Ni ina nan kan ƙagewa.

Malamin Hausa: Karanta duka biyun a shirin farko, ka ji wadda masu bugo waya za su maimaita.