Abin da muka tattaro kan kaji da kifi idan wuta ta ɗauke

'Yan'uwa masu shaguna a Gadarif da Kasala, ga inda maganar da muka yi kan adana kaji da kifi idan wuta ta ɗauke ta tsaya.

1. Kowa ya yarda a daina yawan buɗe firji. A rufe, sanyinsa yana kai awa 4. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, rabi kuwa 24, shi ya sa ake cike gurbi da robobin ruwa su daskare.

2. Ɗanyar kaza a ajiye ta a can ƙasa cikin firji, cikin roba mai murfi, kada jininta ya ɗiga kan ganye.

3. Kifi a binne shi cikin fasasshiyar ƙanƙara, a mazubi mai huda, ruwan ya riƙa tsiyayewa. Idan ka danna da yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba, ko idon ya dushe, ya fara lalacewa.

4. Albasa da dankali ba sa son firji, inuwa da iska sun ishe su.

An rabu kan kazar da ta narke. Wasu sun ce a sansana, wasu sun ce hanci ba ya kama ƙwayar cuta. Ina tare da na biyun: idan da sauran ƙanƙara a jikinta, a mayar firiza. Idan ta wuce digiri 5 fiye da awa 2, kada a sayar wa kowa.