Tafsirinmu na fita a YouTube, Facebook kuwa shiru

Mai tambaya, Aboabo: Assalamu alaikum. Ni ke ɗaukar tafsiri a masallacinmu. Na yi hayar saba, wato kwamfutar da ke kan intanet, na ɗora mata manhajar nginx mai RTMP, hanyar tura bidiyo kai tsaye, ina tura hoto daga manhajar OBS, sabar kuma ta raba wa YouTube da Facebook. YouTube na nunawa sarai, amma Facebook ko motsi. Ramadan ya matso, ku taimaka.

Wani daga Asawase: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, layinka ne ba ƙarfi. Wuri biyu kake turawa, dole datarka ta ninka. Rage nauyin hoton ka gani.

Malamin kwamfuta, Nima: Ba layi ba ne, ƙanena. Da a kwamfutar masallaci ya ɗora nginx, da maganarka ta hau. Shi kuwa sau ɗaya hoto ke barin masallaci, sabar ce ke ɗaukar nauyin rabawa. In yana tura 2500 kbps da sauti 128, wajen giga 1.2 zai ci a awa, ko wuri biyar ake kaiwa.

Ga inda gizo ke saƙa: Facebook ba ya karɓar RTMP tsirara, sai RTMPS, wato RTMP mai kulle, ta ƙofa 443, umarnin `push` da nginx ke miƙa hoto da shi kuma bai iya wannan kullewar ba. YouTube har yanzu yana karɓar tsohon salon, shi ya sa can ya fita. Ka ɗora stunnel, manhajar da ke yin kullewar, a kan sabar, ya tsaya a tsakani:

```
[fb]
client = yes
accept = 127.0.0.1:1936
connect = live-api-s.facebook.com:443
```

Sai nginx ya miƙa wa stunnel, ba Facebook kai tsaye ba:

```
push rtmp://a.rtmp.youtube.com/live2/KEY_YT;
push rtmp://127.0.0.1:1936/rtmp/KEY_FB;
```

Ka sake tayar da su duka biyun. In har yanzu shiru, duba bayanan stunnel. Ka ga haɗi na shigowa yana yankewa nan take, to yawanci mabuɗin da Facebook ya ba ka, wanda ka sa a gurbin KEY_FB, shi ne ya tsufa. Kunna `Persistent stream key` a shafin Facebook, don kada ka riƙa buɗe saba kullum ana dab da fara karatu. Kuma sabar ba ta sauya hoton, yadda ya zo haka take miƙa shi, don haka sa `Keyframe Interval` a kan daƙiƙa 2 tun daga OBS.

Hajiya mai ɗaukar biki: Malam, ni tawa daban. Ranar wata walima aka ɗauke wuta, na rasa intanet kamar minti uku. Da na dawo, wuri ɗaya ya ci gaba, ɗayan ya riga ya rufe, dangin amarya na ta kirana daga waje. Sabar za ta iya riƙe hoton kafin in dawo?

Malamin kwamfuta, Nima: Hajiya, `push` kaɗai ba zai riƙe ba. OBS na yankewa, shi ma ya saki. Sai an sa ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, ya riƙa tura hoton jira, wannan kuwa aiki ne na daban.

Mai tambaya, Aboabo: Allah ya saka da alheri, Malam. Bayan Isha zan gwada.