Teburin sanadi, illa da mataki: abin da aka tattauna

Jama'a ga abin da na tsinto daga bayanan 'yan uwa kan yadda za a tsara teburin sanadi, illa da mataki don shirin jarabawa, da misalin Tafkin Chadi tunda shi aka fi kawowa.

1. Kusan kowa ya yarda a ja layi gida uku, na sanadi da na illa da na mataki, kowane gida kar ya wuce abu uku, in ya fi haka ranar jarabawa sai kai ya kulle.

2. Kowane sanadi ya kalli illarsa a layi ɗaya. Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage ruwan kogin Chari da Logone, a gabansa sai ka sa tafkin ya tsuke daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, masuntan Baga suka koma bin ruwa nesa, a gida na uku kuma shawarar janyo ruwa daga kogin Ubangi, amma ka rubuta "ba a yi ba tukuna" kar ka ce an yi.

3. Inda aka rabu shi ne noman rani, wasu sun ce sanadi ne don yana shan ruwan tafkin, wasu sun ce mataki ne na tsira daga fari. Ni dai ina ganin a sa shi gida biyun da kibiya a tsakani.