Neman kalma: yadda tsadar dala take isa kanti, me za mu kira shi?

Sadiya Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wani shiri na rediyo kan tsadar kayan masarufi, sai na ci karo da kalmar da masana tattalin arziki suke yawan amfani da ita, exchange rate pass-through. Na gane abin da take nufi, wato yadda faɗuwar naira take bi ta kan kayan da ake shigowa da su har ta iso farashin kanti da gidan mai, da kuma nawa ne daga cikin faɗuwar yake isowa. Amma duk sanda zan faɗa sai na yi jimla guda, kuma a shirin zan maimaita ta ya fi sau goma. Ina son kalma biyu ko uku da mahaifiyata za ta ji ta gane. Na rubuta "tasirin canji" amma raina bai kwanta ba.

Abba Kurna: Ai wannan muna da shi Anti, karyewar naira kenan. Ko ki ce faɗuwar darajar naira, kowa ya sani.

Malam Habibu Ɗorayi: Abba ba shi ba ne ƙanina. Karyewar naira a Wapa wajen 'yan canji take faruwa, abin da Sadiya take nema kuma a kasuwar Singa yake faruwa, da hanyar da ke tsakaninsu. Naira za ta iya faɗuwa da rabi kaya ya tashi da kwata kawai, wani kayan ma ya yi wata uku bai motsa ba. In muka kira su da suna ɗaya to tambayar "nawa ya iso, kuma yaushe" ta ɓace, ita ce kuwa gaba ɗaya maganar.

Bari na buga misali da alƙaluman da na ƙirƙira don lissafin ya yi sauƙi. Ɗauki katan ɗin madarar gari da ake sayowa dala 20 har ya sauka tashar ruwa ta Legas. Dala tana naira 1,000, kenan 20,000. Ce kuɗin kwastan da na tasha 2,000, su ma da canjin dala ake lissafa su. Sai kuɗin gida, tirela daga Legas zuwa Kano, 'yan dako, hayar sito, ribar dila da ta mai kanti, ce 8,000. Katan ya tsaya 30,000. To dala ta koma 1,500, ta tashi da kashi 50 cikin 100. Kuɗin saye ya zama 30,000, na kwastan 3,000, amma ɗan dako da mai sito ba su ƙara komai ba tukuna, 8,000 ɗin tana nan. Katan ya zama 41,000. Ƙarin 11,000 a kan 30,000 wajen kashi 36.7 ne. Ka raba 36.7 da 50, wajen kashi 73 na tashin dalar ne ya iso kanti. Wannan 73 ɗin shi ne abin da muke nema wa suna.

Kuma bai ƙare ba. Bayan 'yan makonni dizal ya tashi saboda shi ma da dala ake ƙiyasta shi, mai tirela ya ƙara 1,000 a kan kowane katan, ya koma 42,000, yanzu kashi 80 ya iso. Shi ya sa "tasiri" bai gamsar da ni ba nima, ba ya nuna abu ne mai tafiya a hankali kuma ana auna shi.

Alhaji Sabo, Singa: Malam lissafinka daidai ne amma akwai abu ɗaya da ku masu biro ba kwa gani. Kai a lissafinka kamar sai sabon kaya ya iso sannan farashi ya canza, wallahi a kasuwa ba haka ba ne, ni in na ji dala ta tashi da safe kafin azahar na canza kuɗin kayan da ke sitona ko da tun watan jiya na saye su, kuma ba zalunci ba ne. Farkon 2024 na sayar da katan ɗari a tsohon kuɗi ina murna na ci riba, da na koma wajen dila kuɗin nan gaba ɗaya da ribar saba'in da 'yan kai suka saya min. Na tsaya ina kallon gurbin da ya rage a sito. Tun ranar da kuɗin mayarwa nake sayarwa ba da kuɗin da na sayo ba. Mu dai abin da muke cewa shi ne "dala ta taɓa shi". In kuna so ku ce taɓin dala.

Maman Ilham: Toh Alhaji mun ji, amma da dalar ta sauko fa? A watan Fabrairun 2024 ta kusa 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ta dawo wajen 1,100 da wani abu, ni kuma taliya da man gyaɗa da nake saya ban ga sun dawo ko kusa da inda suke ba. Ni a ganina ku bar wahalar neman kalma, sunansa haɗama.

Alhaji Sabo, Singa: Hajiya akwai masu haɗama ban musa ba. Amma kayan da ke hannuna a Afrilun na Fabrairu ne, in na karya ni zan ɗauki asarar, kuma waye ya yarda za ta zauna a nan? Ba ta zauna ba ai, ta sake hawa.

Malam Habibu Ɗorayi: Maganar Maman Ilham gaskiya ce kuma masana sun san da ita, hawa yana isowa da sauri, sauka tana jan ƙafa, wani lokacin ba ta isowa sam. Dalilin Alhaji yana ciki. Wani dalilin kuma in masu shigo da kayan 'yan kaɗan ne babu wanda zai matsa musu su rage. Yadda za ki bambance, ki duba bayan tsohon kaya ya ƙare sabo ya shigo a kan sabon canji, in har lokacin farashi bai motsa ba kuma dizal bai tashi ba, to riba ce ta faɗaɗa. Sai dai haɗama ba za ta zama sunan abin ba, domin ko kasuwar waliyyai ce in alkamar da ake fulawa da ita daga waje take zuwa, kuma kusan duk tamu daga waje take, burodi zai tashi.

Baba Ɗanjummai: Ni ba ɗan boko ba ne sosai, sana'ata rini. Amma ina karanta bayaninku sai na ga ai naso kuke faɗa. Ka ɗiga shuni a gefen farin yadi, inda ya ɗiga ya fi duhu, sannan ya riƙa bin zare yana tafiya yana dusashewa, can nesa sai ɗan alama. Wani yadin yana sha sosai wani ba ya sha. Kuma in ya yi naso ko ka wanke ba ya fita duka. Ku ce nason canji.

Sadiya Gwammaja: Allah ya ƙara girma Baba! Na faɗe shi da ƙarfi sau uku a ɗaki. "Nason canji a kan madara kashi 73 ne." "Nason bai gama isowa ba." Yana shiga jimla ba tare da na ja shi ba.

Nura Injiniya: Kalmar ta yi amma a kan mai ina da ja. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafi, cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa sama da 500. Wannan ba naso ba ne, ambaliya ce. Ina jinkirin yake?

Malam Habibu Ɗorayi: Injiniya ka haɗa abu biyu, kuma yawancin mutane haka suke haɗawa. Tsallen ƙarshen Mayu na cire tallafi ne, lokacin canjin gwamnati bai motsa ba, yana wajen 460. Sai tsakiyar Yuni CBN ya haɗe kasuwannin canji naira ta wuce 700, a Yuli mai ya koma 617 a Abuja. Wannan na biyun shi ne nason. Abin da ya fi koyar da ni shi ne abin da ya biyo baya, dala ta haura 1,400 a farkon 2024 amma farashin gidajen man NNPC ya tsaya kusan inda yake har Satumba, sannan ya yi tsalle. A watannin nan tsadar ba ta ɓace ba, wani ne yake shanye ta kafin ta iso famfo, sai ta fito ta wata kafar, dogon layi da 'yan bumburutu da galan a bakin titi. Dizal da babu mai riƙe farashinsa shi ya bi dala kai tsaye. To ka ga da kalmar Baba zan iya cewa an tare nason a fetur an sake shi a dizal, kowa ya gane.

Abba Kurna: Yanzu da matatar Ɗangote take tace mai a gida ai shikenan babu naso ko Malam?

Malam Habibu Ɗorayi: Ya ragu ta wajen kuɗin jirgin ruwa da wasu caje-caje, amma ɗanyen mai da dala ake sa masa farashi a duniya, ko da naira aka biya da canjin ake lissafawa. Yana nan.

Maman Ilham: To masara da gero fa? A nan ake noma su amma su ma sun tashi, nan ma dalar ce?

Alhaji Sabo, Singa: Ki je Dawanau ki gani Hajiya. In naira ta faɗi mai sefa daga Nijar hatsinmu ya zama araha a wajensa, ya saya da yawa, ga taki da maganin feshi da kuɗin mota. Can gefen yadin kenan da Baba ya ce. Amma kar a ɗora wa dala duka, rashin tsaro ya hana noma a wurare da yawa.

Nura Injiniya: Na yarda da bayanin mai. Saura abu ɗaya, a rubuce "nason canji" wani zai karanta kamar "na son canji", kuma canji a bakin mutane har da ragowar kuɗin da mai kanti yake ba ka. Me zai hana nason dala? Ya fi kaifi.

Malam Habibu Ɗorayi: A rediyo nason dala zai fi saurin shiga kunne. Matsalarsa ɗan Kwari da ke sayo kaya daga Sin da kuɗinsu, ko mai cinikin sefa a Maigatari, su ba dala ba ce a hannunsu kuma abin ɗaya ne. In littafi zan rubuta nason canji zan sa.

Sadiya Gwammaja: Na gode ƙwarai. A farkon shirin zan ce nason canjin kuɗi in kawo misalin katan ɗin madara, daga nan in ci gaba da nason dala in ga wanda masu kiran waya za su ɗauka. Malam abu ɗaya ya rage min, in kashi 100 ya iso da in rabi ne ya iso, yaya zan bambance su a baki? Cikakken naso da ragaggen naso?

Baba Ɗanjummai: Mu a wajen aiki cewa muke ya ratsa, ko bai ratsa ba. Ragagge kam ban taɓa jin an faɗa wa naso ba 'yata.