Wane salon rubutu ya dace da wane darasi idan malami na sauri

An yi muhawara kan salon da ɗalibi zai bi wajen rubuta bayani a lacca idan malami na sauri, ta kuma tsaya a nan: yanayin darasi ne ke zaɓa maka salo.

Salon kanu da ƙananan kanu ya fi dacewa da tarihi da shari'a, inda malami ke bin tsari daki-daki. Matsalarsa ita ce da zarar malami ya koma baya, tsarin ya rushe. Shi ya sa aka ce a riƙa barin layi uku ƙarƙashin kowane kai.

An fi daɗewa kan salon tambaya a gefe, kuma ya cancanci haka. A ja layi kimanin santimita 6 daga hagun takarda, a rubuta bayani a dama kawai. Kada a taɓa gefen sai an tashi, domin mai ƙirƙirar tambaya ana cikin lacca zai rasa jimlolin da ke biye. A ranar, idan bayanin ya ce insulin na rage sukarin jini, a rubuta a gefe: "Me ke rage sukarin jini, kuma ina ake samar da shi?" Sai a rufe dama a amsa da ka. Idan amsar ta ƙi zuwa ko bayan an buɗe, rubutun ne ke da giɓi, a cike shi daga littafi.

Taswirar ra'ayoyi kuwa, wato zanen da ake haɗa ra'ayoyi da kibiyoyi don nuna alaƙarsu, tana amfani a ilimin halittu, amma zana ta cikin sauri wahala ce, takarda kan cika tun ba a je ko'ina ba. Gara a zana bayan lacca, kowace kibiya da kalmarta, kamar "yana haddasa". A lissafi dai a kwafi matakan warwarewa bi da bi, da dalilin kowanne a gefe.